Katanga ta cinye mini ƙasan gida: me zan rubuta wa mai renda?

Akitek Sadiya (Yaba):
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar. Na zana wa wani Alhaji gida a wajen Lekki, bene hawa ɗaya, ɗakin kwana biyar, da wurin ninƙaya a baya, irin wanda masu talla ke kira bila. Filin mita 18 ne a faɗi, 36 a tsawo. Na bar mita 6 a gaba, 3 a kowane gefe, don haka fuskar ginin mita 12 ce. Na tura wa wani yaro mai renda zanen da samfurin gidan na manhajar SketchUp, na rubuta masa cewa ina son ya fito na zamani, mai aji, da hasken yamma mai daɗi. Jiya ya turo hoto uku. Wallahi sun yi kyau, amma ba gidana ba ne. Ya cire katanga gaba ɗaya, ya shimfiɗa ciyawa har iyakar gani, ya dasa wasu bishiyoyi masu tsini da ban taɓa ganin irinsu a Legas ba, ya kuma zaunar da wata baturiya a bakin ruwa ba kayan kirki. Ranar Asabar zan zauna da Alhaji da Hajiyarsa. Laifina ne ko nasa? Kuma me ya kamata in rubuta masa tun farko?

Alhaji Garba Kwangila (Mile 12):
Wa alaikumus salam. 'Yata, maganar renda ba ta da wahala. Buhun siminti ɗaya, baro biyu na yashi mai laushi, kada kaurin ya wuce yatsa, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Yashin Lekki dai a kula da shi, akwai mai gishiri. In yaronki bai iya ba ina da magina a Ajah.

Nura (Obalende):
Baba Alhaji, ba filasta take nufi ba 😂 Hoton kwamfuta ne, wanda ake nuna wa mai gida kafin a haƙa tushe.

Alhaji Garba Kwangila (Mile 12):
To, Allah ya ba ku haƙuri. Mu a wurinmu renda shafe ne. Bari in zauna in saurara.

Malam Bashir (Agege):
Baba Alhaji bai yi kuskure ba, a fili sunan shafen waje ke nan. Hajiya Sadiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: kaso mafi yawa na laifin naki ne. "Na zamani, mai aji" ba umarni ba ne, addu'a ce. Duk inda kika bar gurbi, mai renda zai cike shi da abin da idonsa ya saba gani, kuma idonsa gidajen Dubai da Sifen ya saba gani a waya. Shekara goma sha ina wannan aiki, kuma har yau in an ba ni bayani irin naki sai na kira mai shi mun yi awa ɗaya a waya.

Mu fara da katangar, domin na san dalilin da ya sa ya cire ta. Ba iskanci ba ne, lissafi ne ya kore shi. Faɗa mini abu biyu: faɗin titin gaban gidan har da kwatoci, da tsayin katangar da kika zana.

Akitek Sadiya (Yaba):
Titin kusan mita 9 ne daga katangarmu zuwa ta maƙwabcin da ke tsallake. Katanga mita 2.4, Alhaji ne ya ce kada ta gaza haka.

Malam Bashir (Agege):
Madalla. To ga abin da yaron ya tarar. In ya tsayar da kyamara a cikin harabar, iyakar ja da bayansa mita biyar da rabi ne kafin bayansa ya bugi katanga. Ƙa'idar mai sauƙi ce: faɗin abin da kyamara ke gani daidai yake da nisanta sau 36, a raba da lambar lensin. Don ya kama mita 12 daga nisan biyar da rabi sai ya sauko wajen lensi mai milimita 16. A wannan faɗin komai na gefe miƙewa yake yi, ginshiƙin ƙofa ya zama kamar zai faɗo wa mutum, mota ta koma kwale-kwale, harabar mita 6 ta zama kamar filin idi. Mai gida zai ji daɗi ranar, amma ranar da ya shiga gidan na gaske zai tambaye ki ina sauran filinsa.

Sai ya ce bari ya fita waje. Ya tsallaka titi, ya jingina da katangar maƙwabci. Yanzu yana mita 15 daga fuskar ginin, kuma lensi mai milimita 28 zai ba shi faɗin sama da mita 19, gidan ya shiga da sararinsa, ba wata murɗiya. Amma ga katangarki a mita 9 a gabansa. Idon mutum a tsaye yana wajen mita 1.6. Ki ja layi daga idon ya shafi kan katanga mai 2.4, kafin ya isa ginin ya hau kusan mita 2.9. Ma'ana duk ƙasan gidan ya ɓuya: ƙofar shiga, tagogin falo, dutsen da kika lulluɓe bango da shi, duk babu. Bene kawai za a gani yana leƙe ta saman katanga kamar mai tsegumi. Da ya ga haka sai ya danna ya goge katangar, shi ke nan.

Injiniya Tukur (Ajah):
Ni ban ga abin wahala ba. A ɗaga kyamarar sama kamar jirgi mara matuƙi, a ɗauko gidan daga bisa. Komai zai fito, har wurin ninƙayar baya.

Malam Bashir (Agege):
Injiniya, hoton sama yana da amfaninsa, kuma ina ba da shawarar a yi guda. Amma kada ya zama babban hoto. Daga mita 25 abin da ya fi cika ido shi ne rufi, kuma rufin Sadiya na tabbata dakali ne a bayan gajeren bangon kariya da ke zagaye da shi, da tankin ruwa da injinan sanyaya ɗaki. Ba wanda zai taɓa ganin gidansa daga can sai ungulu. Akwai tsaka-tsaki. Da lissafin ɗazu, in kyamara ta hau mita 4.5, katanga mita ɗaya kawai za ta rufe daga gindin ginin. In ta kai mita 6 za a ga har inda bango ya haɗu da ƙasa. Wannan kamar mutum ne tsaye a barandar benen maƙwabci, ido bai ƙi shi ba. Sai hanya ta biyu, wadda na fi so: a bar kyamara a tsayin ido, a matsar da ita daidai get, a buɗe get ɗin. Abin da Alhaji zai gani ke nan duk yamma in direba ya yi hon.

Abu ɗaya da za ki rubuta ko da kin manta komai: layukan tsaye su tsaya tsaye. Yara da yawa suna ɗaga hancin kyamara don saman gini ya shiga, sai bangaye su riƙa tsukewa sama kamar dala. Kowace manhaja tana da maganinsa. A SketchUp sunansa Two-Point Perspective, sauran ma suna da nasu. Yadda za ki gane an yi ko ba a yi ba: ki duba kusurwar bango ta can gefe, in ba ta tafi daidai da gefen hoton ba, a mayar masa.

Kuma kada ki bayyana wurin kyamara da baki. Ki buga zanen fili, ki ɗiga ɗigo, ki ja kibiya, ki sa lamba: kyamara 1, tsayi kaza, lensi kaza. Minti goma ne, ya fi saƙon murya ashirin.

Akitek Sadiya (Yaba):
Malam, na ji kunya, domin lissafin nan ni ya kamata in yi shi. To hasken fa? Wanda ya turo rana tana dukan fuskar gidan gaba da gaba, ruwan zinariya, ya yi kyau ƙwarai. Amma titin yana arewa da filin, wato gidan arewa yake kallo.

Injiniya Tukur (Ajah):
To ai ƙarya ya zana. Rana daga gabas take fitowa ta faɗi yamma, ta ɗan karkata kudu. Bangon arewa ba ya ganin rana, shi ya sa kullum shi ke fara yin kore.

Malam Bashir (Agege):
Rabin shekara kana da gaskiya, Injiniya. Wannan ƙa'idar ta littattafan Turai ce. Legas tana wajen digiri shida da rabi ne kawai arewa da tsakiyar duniya, don haka daga farkon Afrilu zuwa farkon Satumba rana ta arewa da mu take bi. A ƙarshen Yuni da tsakar rana tana kusan digiri 73 a sama, ta ɓangaren arewa. A Disamba kuma tana kusan 60, ta kudu. Tsakar ranar ma a nan ba sha biyu ba ce, wajen ɗaya saura kwata take tsayawa, saboda muna can yammacin ƙasar.

Ga gidan Sadiya wannan yana nufin haka: a Disamba rana tana bayan gidan, fuskar tana inuwa yini guda. A Yuni da ƙarfe biyar na yamma rana tana yamma ta ɗan karkato arewa, sai ta shafi fuskar a kaikaice daga hannun daman mai kallo. Wannan hasken ma ya fi na gaba da gaba, domin shi ke fito da zurfin baranda da ƙyallin dutse, kowane ɗan tudu ya jefa inuwarsa. Abin da ba zai taɓa faruwa ba shi ne rana ƙasa-ƙasa ta tsaya daidai arewa ta haske gidan kamar fitilar mota. Shi yaron ya yi.

Don haka a takardar ki rubuta: ga kibiyar arewa, wuri Legas, 21 ga Yuni, ƙarfe 5 na yamma, kada a juya rana da hannu.

Nura (Obalende):
Oga Bashir, da girmamawa, a nan ban bi ka ba. Yuni a Legas fa! Yaushe ka ga rana ƙarfe biyar a Yuni? Ruwa ne da hadari, Lekki ta cika ta batse. In gaskiya ake so sai mu zana sama toka-toka da ruwa kwance a titi. Mai gida kuɗi ya biya a nuna masa mafarkinsa. Ni duk inda rana ta fi kyau nan nake ajiye ta, ba wanda ya taɓa kama ni.

Malam Bashir (Agege):
Nura, akwai bambanci tsakanin zaɓar rana mai kyau da ƙirƙiro wadda babu. Ranar da aka yi sa'a a Yuni, hasken nan yana nan. Kuma ba don tsoron a kama ka ba ne. Akitek tana amfani da hoton ta yanke hukunci. In inuwar ƙarya ce, ba za ta ga cewa tagar falon sama tana shan ranar yamma ba, sai an tare gidan Hajiya ta fara ƙorafin zafi.

Nura (Obalende):
Wannan aikin akitek ne, ba nawa ba. Ni hoto aka ce in yi. Amma na ji.

Hajiya Binta (Ikoyi):
Ku ba ni dama in sa baki, ni ba ma'aikaciyar gini ba ce, wadda aka yi wa gini ce. Hoton da ya sa maigida ya sa hannu a namu na magariba ne, sama shuɗiya, fitilu ruwan ƙwai suna fitowa ta tagogi, kamar ka shiga ka kwanta. Da aka gama, mai wayarin ya je kasuwa ya kwaso farare tas ya cika gidan. Daren farko na tsaya a waje na ce wannan ai asibiti ne. Da muka yi magana sai ya ce ba wanda ya rubuta masa wani abu. Sai da muka sauya ƙwai sama da sittin. Na biyu, farin bangon nan da ya yi kamar madara a hoto, damina biyu kawai ya yi sai ga baƙaƙen layuka suna gangarowa daga sama kamar kwalli ya zuba. Sadiya, 'yata, ki tambayi Hajiyar gidan wanda zai riƙa wanke bangon kafin ki nuna mata fari.

Akitek Sadiya (Yaba):
Na gode Mama. Layukan nan yawanci daga saman bangon kariyar rufi suke, in ba a sa masa hula mai ɗan baki da zai ɗigar da ruwa nesa da bango ba. Na zana hular a nawa, amma yanzu da na koma hoton na ga yaron bai sa ta ba, ya yi bakin bangon siriri kamar wuƙa. Da Alhaji ya ga haka ya so shi, ranar da magini ya ɗora hula sai a ce na ɓata gida.

Malam Bashir (Agege):
Kin gani. Shi ya sa ake rubuta jumla guda: kada a ƙara, kada a rage komai a jikin gini sai an tambaye ni. Maganar Hajiya ta fitila kuma lamba ce kawai. Ruwan ƙwan nan shi ake rubuta wa 2700K ko 3000K a jikin kwali, farin asibiti 6500K. Lambar da kika ba mai renda ita za ki ba mai wayarin, magana ta ƙare. In za ki nemi hoton magariba, ki ce kamar minti goma sha biyar bayan faɗuwar rana. Magaribarmu gajera ce, ba ta jan jiki kamar ta Turai, kuma shuɗin nan ɗan lokaci yake yi kafin duhu.

Usman Tayil (Orile):
Ni ta ɓangaren kaya zan yi magana, don ni ake kawo wa hoton a waya a ce "irin wannan nake so". Wallahi rabin abin da masu renda ke mannawa a bango babu shi a kasuwa, ko kuma akwai amma sai an yi oda an jira jirgin ruwa. Sai ka ga falo an shimfiɗa marmara ba layin haɗi ko ɗaya, kamar an zuba ruwa ya daskare. Tayil mai 60 da 120 ne fa za a saya, kuma dole a ga layi. Hajiya Akitek, shawarata ki juya abin: ki fara zuwa kasuwa ki zaɓi abin da ke ƙasa, ki ɗauki hotonsa, sannan ki ba mai renda. A inuwa za ki ɗauka, ba cikin rana ba, ki ajiye farar takarda da tef ɗin awo a gefensa don ya gane ainihin launi da girma. Ki ɗauki fale uku ko huɗu daban-daban daga kwali ɗaya, in ba haka ba zai maimaita guda ɗaya, jijiyar dutse iri ɗaya ta yi ta dawowa kamar zanen atamfa.

Kuma bakin wurin ninƙaya kada a sa mai sheƙi. Yana kyau a hoto don yana ɗaukar hoton ruwa, amma yaro ya fito da jiƙaƙƙiyar ƙafa sai Allah.

Injiniya Tukur (Ajah):
Na goyi bayan Usman. In ƙara da ƙarfe. Iskar teku a wannan yankin ba ta da imani. Baƙin ƙarfen baranda siriri da masu renda ke so, in ba a yi masa rigakafi sosai ba, shekara kaɗan zai fara zubar da jan hawaye a kan farin fenti. Ko alminiyam, ko silba mara tsatsa mai lamba 316, ba 304 ba. Kuma kaurinsu ba ɗaya ba ne a ido, don haka tun a hoto a nuna wanda za a saya. Haka katako: in loko ne a ce loko, launinsa ruwan zuma ne yana duhu da shekaru, ba farin katakon Turawa ba.

Malam Bashir (Agege):
A nan ba ni da ja. Kowane kaya abu huɗu nake so a gaya mini: mene ne, girmansa, mai sheƙi ne ko busasshe, kuma daga ina zuwa ina. Na ƙarshen shi aka fi mantawa. Ki ɗauki zanen fuskar gini ki shafa launi da lamba: 1 fenti, 2 dutse, 3 loko. Launi kuma a ba ni lamba. "Toka mai duhu" kala hamsin ne, amma in kin ce firam ɗin taga RAL 7016, ni da mai alminiyam abu ɗaya muka ji.

Yanzu ga tambayar da ke raba zumunci: bagilari da ragar sauro. Za a sa ko ba za a sa ba?

Akitek Sadiya (Yaba):
Kai Malam, ka taɓo inda ke mini ciwo. Alhaji ya ce dole a sa a ƙasa. Ni kuwa tagogin falon mita uku ne tsayinsu, in aka gicciya musu ƙarfe zanen ya mutu.

Nura (Obalende):
Kada ki nuna. Ba mai renda a Legas da ke sa bagilari. Hoton zai zama gidan yari.

Hajiya Binta (Ikoyi):
Ki nuna. Mu ba a nuna mana ba, daga baya mai walda ya zo ya yi abin da ya ga dama, da furanni da zuciya-zuciya. Gara ke ki zana shi da hannunki ya dace da gidan.

Injiniya Tukur (Ajah):
Ko a bar shi a sa gilashi mai leda a tsakiya, wanda ko an fasa ba ya zubewa. Sai dai kuɗi, kuma ba kowane Alhaji ke yarda gilashi zai tsare ɓarawo ba.

Malam Bashir (Agege):
Ni da zan yi, kyamara ɗaya zan fitar sau biyu, da shi da babu shi, a ajiye wa Alhaji ya zaɓa da idonsa. Amma wannan hoto na ƙari ne, a rubuta shi a lissafi tun farko. Haka ɗakin janareto da na maigadi, suna cikin zane, su fito. Mutane kuwa, tunda kin san gidan da za ki, ki rubuta a fili: ko babu mutum sam, ko mutum biyu cikin shiga ta mutunci, daga nesa. Ni a irin gidajen nan babu nake sawa, mota ɗaya ta isa nuna girma. Bishiya kuma ki kira suna: kwakwa, mangwaro, ayabar ado, abin da mai lambu zai samu a bakin titin Lekki.

Nura (Obalende):
Tunda an zo lissafi, bari in fitar da abin da ke raina, don ku akitek ku ji. Bara na yi wa wani ofis aiki, hoto huɗu muka yi ciniki. Gyara goma sha ɗaya na yi. Yau oga ya ce a sauya fenti, gobe matar mai gida ta turo murya ta ce a mayar, jibi ɗansu da ke waje ya ce a ƙara baranda. Ƙara baranda gyara ne? Sabon gini ne! Kowane fitarwa awa uku kwamfutata ke yi, a kan janareto, man daga aljihuna. Ƙarshe suka ce in turo fayil ɗin aikin gaba ɗaya, suka ba wani yaro ya ci gaba, cikon kuɗina har yau.

Malam Bashir (Agege):
Allah ya mayar maka, Nura, amma kai ma ka yi sake. Aikin hawa uku ne, kuma ba a tsallake. Da farko farin hoto, ba launi ba kaya, ƙarami, don a amince da kyamara da surar gini kawai. In akitek ta ce ta yarda, an kulle kyamara. Na biyu a sa kaya da haske, har yanzu ƙarami, da tambarinka a kai, a nan ake zagaye biyu na gyara. Na uku babban fitarwa, bayan an cika kuɗi. Gyara kuma ta bakin mutum ɗaya yake zuwa, a rubuce, a zagaye wurin a jikin hoton da lamba. Sadiya, wannan nauyinki ne: ki tattara na Alhaji da na Hajiya, ki sasanta su, ki turo sau ɗaya. Duk abin da ya taɓa surar gini bayan an kulle, sabon ciniki ne. Fayil ɗin aiki kuwa ba ya cikin kaya sai an faɗa an biya.

Girman hoto ya danganta da inda za a kalle shi. Ranar Asabar a me za ki nuna?

Akitek Sadiya (Yaba):
Zan buga a takardar A3 in sa a fayil, sannan Alhaji zai so a wayarsa don ya tura wa 'yan'uwa a Kano.

Malam Bashir (Agege):
To A3 a kwance, a 300 dpi, piksel 4961 ne a 3508. Ki rubuta lambar, kada ki ce "mai kyau sosai". Ki lura siffar A3 ba ɗaya take da ta talabijin ba. In ya fitar miki 3840 a 2160, sai kin yanke gefe ko ki bar farin fili sama da ƙasa, kuma abin da za a yanke wataƙila get ɗin ne. Don haka siffar ma tun a farin hoto ake kulle ta. Ki karɓi PNG don bugawa, da ƙananan JPG don waya. In ta WhatsApp zai turo, ya turo a matsayin Document, in ba haka ba za a matse hoton, shuɗin magariba ya fito da layi-layi. Sunan fayil kuma a yi masa tsari, kamar haka:

```
LK_cam01_v02.png
```

Na sha ganin an buga tsohon zubi an kai wa mai gida saboda duka sunansu "final".

Akitek Sadiya (Yaba):
Ga abin da na tsara, ku duba mini. Hoto biyar. Na ɗaya daga tsallaken titi daidai get, get a buɗe, tsayi 1.6, lensi 28, 21 ga Yuni ƙarfe 5. Na biyu wuri ɗaya amma da bagilari. Na uku daga tsayin mita 6, magariba, fitilu 3000K, katanga tana nan. Na huɗu bayan gida daga kusurwar wurin ninƙaya. Na biyar daga sama. Ba mutane. Gobe da safe zan shiga Orile in ɗauko hotunan tayil da dutse.

Malam Bashir (Agege):
Ya yi, sai dai na huɗu ba ki ba shi lokaci ba. Bayan gidan kudu yake kallo, a Yuni shi ne a inuwa. Ki ba shi Disamba, wajen ƙarfe huɗu, ki ce a ɗan sa hazo kaɗan a sama. Kuma hoto biyar da hawa uku daga yau zuwa Asabar, in yaron ba shi da wutar kirki, ba zai yiwu ba. Ki kai wa Alhaji na ɗaya da na biyu a gama, sauran farare.

Nura (Obalende):
Farin hoto gaban Alhaji? Zai ce ina fentin da ya biya. Ni dai da na ɗage zaman zuwa wata Asabar.

Akitek Sadiya (Yaba):
Ba zai ɗagu ba, Lahadi zai tashi Umara. Zan kira yaron yanzu in ji ƙarfin injinsa.

Usman Tayil (Orile):
In kin zo ki shigo kafin goma, bayan nan hanyar ba ta motsi. Ki taho da tef ɗinki, nawa wani ya ara bai dawo da shi ba.

Alhaji Garba Kwangila (Mile 12):
Na karanta duka. Ni dai in an zo shafen gaske a neme ni. Kuma hular bangon nan, 'yata, ki sa a yi mata tsaga a ƙarƙashi, in ba haka ba ruwan zai bi ta ya koma jikin bango, da hular da babu duk ɗaya.